Tambayi Likita: Me ya sa antibayotik ba ya kashe mura?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗana mai shekara 3 yana ta mura da tari tunda sanyin nan ya sauka. Na kai shi asibiti, aka ba mu farasitamol kawai, aka ce bairus ne. Amma bara da mai kemis ya ba mu amfiklos ai ya warke. Ko dai rowar magani aka yi mana? Daga wata uwa, Unguwar Rogo.

Hajiya, Allah ya ba yaron lafiya. Ba rowa aka yi miki ba, kuma da ni na duba shi na same shi yana wasa, yana ci, numfashinsa lafiya, abin da zan rubuta ke nan.

Abin da muke haɗawa mu kira "ƙwayoyin cuta" ba iri ɗaya ba ne. Bakteriya halitta ce mai rai da ke cin gashin kanta. Tana ci, tana girma, tana rabewa biyu, wata ma cikin kamar minti 20 idan ta samu wuri mai daɗi. Tana da bango mai tauri da ya kewaye ta, a ciki kuma tana da injinan da take ƙera sassan jikinta da su. Ita ce ke kawo taifot, da kwalara, da tarin fuka, da yawancin marurai. Bairus kuwa ƙarami ne sosai. Na mura mai zazzaɓi faɗinsa kamar kashi ɗaya cikin goma ne na ƙaramar bakteriya, har madubin ɗakin gwaji na yau da kullum ba ya ganinsa. Ba shi da bango irin na bakteriya, ba shi da inji, ba ya ci. Ɗan rubutaccen umarni ne kawai a naɗe cikin kwanso.

Ki ɗauki bakteriya kamar tela mai shagonsa da kekensa. Idan kika rushe bangon shagon, ko kika cusa ƙarfe a cikin keken, aiki ya tsaya. Shi bairus takardar awo kaɗai ya riƙo. Sai ya kutsa shagon wani, ya sa keken mai shago ya yi ta ɗinka irinsa. Wannan shagon da ya kutsa shi ne ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a hancin ɗanki da maƙogwaronsa.

To, kowane antibayotik an yi shi ne ya bugi wani abu da bakteriya take da shi. Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928, da danginsa irin su amoksisilin da amfiklos ɗin da aka ba ku, hana bakteriya gina bangonta suke yi. Idan ta zo girma bangon ya yi rauni, ruwa ya shige ta, ta kumbura ta fashe. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam ba su da irin wannan bango, shi ya sa maganin ke kashe ta ya bar mu. Tetarasaikilin yana toshe injin da take ƙera furotin da shi. Sefturin yana hana ta haɗa wani sinadari da ba ta iya hayayyafa sai da shi. Yanzu ki kawo bairus. Ina bangon da za a rusa? Babu. Ina injin da za a toshe? Namu ne yake aro. Maganin zai shiga jini ya zaga ya fita a fitsari bai samu abin bugu ba, ko da an ninka shi sau uku.

Batun bara kuma, mura tana tafiya da kanta cikin kwana 7 zuwa 10, domin garkuwar jiki ce ke gamawa da ita. Yawanci iyaye suna zuwa kemis a rana ta uku, lokacin da ta fi tsanani. A sha magani kwana biyar, a ga sauƙi, sai a yaba wa kwalba, alhali ko ba a sha ba ranar sauƙin ke nan. Tarin ma yakan ja har mako uku bayan sauran alamomin sun wuce, kuma hazo da ƙurar hunturun Jos suna ƙara jan sa. Ki ba shi ruwa da kunu mai ɗumi akai-akai, ki share masa hanci, cokalin zuma kafin barci yana rage tari ga yaron da ya wuce shekara ɗaya. Jariri ƙasa da shekara ɗaya ba a ba shi zuma.

Tambaya: An ce idan majina ta koma kore ko rawaya to ta zama ta bakteriya. Gaskiya ne? In ba haka ba, ta yaya za mu gane? Daga wani malamin makaranta, Rikkos.

Malam, wannan magana ta daɗe tana yawo, har a bakin wasu ma'aikatan lafiya. Launin daga fararen ƙwayoyin jini yake, waɗanda suka zo yaƙi suka mutu a cikin majinar, suna ɗauke da wani sinadari mai kore. Suna zuwa ko bairus ne ko bakteriya. Majinar mura ta yau da kullum tana farawa kamar ruwa, ta yi kauri ta yi kore a rana ta uku ko ta huɗu, sannan ta washe.

Abin da nake kallo shi ne yadda ciwon ke tafiya. Bairus yakan share wa bakteriya hanya, domin yana lalata shimfiɗar da ke kare hanyar numfashi. A ce yaro mai shekara 3 ya fara mura ranar Litinin, zazzaɓi ya sauka ranar Laraba, ya koma wasa. Ranar Asabar sai jiki ya sake zafi fiye da na farko, ya ƙi abinci, ya kwanta. Wannan dawowar bayan an fara samun sauƙi ita ce alamar da ke sa ni zargin cewa bakteriya ta hau, ko a huhu ko a kunne.

Akwai gwajin da za ka yi a gida da agogon wayarka. Ka jira yaron ya natsu, ba yana kuka ba. Ka ɗage rigarsa, ka ƙirga sau nawa cikinsa ke ɗagawa a minti ɗaya cif. Daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa wata 11, iyakar 50 ce. Jariri ƙasa da wata 2, 60. Idan yaron namu na ranar Asabar ya ba ka 48, ka sake ƙirgawa ka samu kusan haka, to ana zargin ciwon huhu, wato nimoniya, kuma a nan amoksisilin yana ceton rai. A kai shi asibiti a ranar, a auna nauyinsa, domin da nauyi ake lissafa adadin maganin yara. In kuma ka ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko ya kasa shan komai, ko yana jijjiga, ko ba ya farkawa sosai, wannan ba a jiran gari ya waye.

Kada a manta da cizon sauro. Zazzaɓin maleriya ba bakteriya ba ne ba kuma bairus ba, wata halitta ce daban mai nata maganin. Yaro mai zazzaɓi a garin nan, duk da sanyinmu, a yi masa gwajin jinin yatsa tukuna.

Tambaya: Idan magani ba ya kama bairus, yaya masu ƙanjamau da masu ciwon hanta suke shan magani kuma yana musu aiki? Daga wani ɗan kasuwa, Taminus.

Alhaji, ka yi tambaya mai kyau. Bairus yana da magani, sai dai ba antibayotik ba ne. Wasu bairus suna zuwa da ɗan kayan aikinsu guda ɗaya ko biyu da jikinmu ba shi da su, kuma a nan ake kama su. Na ƙanjamau yana da wani sinadari da yake kwafar umarninsa da shi, magani irin tenofobir yana toshe shi. Bairus ɗin ciwon hanta nau'in B yana amfani da makamancinsa, shi ya sa maganin ɗaya ke aiki a kan duka biyun. Danne su yake yi, ba ya kawar da su, don haka ba a dainawa sai da izinin likita. Kuma tenofobir ba zai taɓa mura ko ƙyanda ba. Wuraren bugun sun yi kaɗan, kowane bairus da nasa, shi ya sa a kan irin su ƙyanda da shan inna muka fi dogara da rigakafi.

Tambaya: 'Yata mai wata 10 tana gudawa kamar ruwa. Kakarta ta ce a fasa kafso ja da rawaya a jiƙa mata, ko a ba ta filajil. In ba ta? Daga wata uwa, Bukuru.

Kada ki ba ta, 'yar'uwa, ki kuma lallaɓa Inna ki yi mata bayani. Gudawar ruwa a wannan shekarun mafi yawanta bairus ne, musamman wanda ake kira rota, wanda aka sa rigakafinsa cikin na jarirai a Najeriya a 2022. Kafson nan ja da rawaya tetarasaikilin ne. Ba a ba yaro ƙasa da shekara 8, domin yana shiga haƙoran da ke tsirowa ya bar su da launin ƙasa-ƙasa da ba ya gogewa.

Akwai wata ɓarnar da ba a gani. Hanjin 'yarki cike yake da bakteriya masu amfani, su ne ke taya ta narkar da abinci, suna kuma tare wa miyagu wuri. Antibayotik ba ya tantancewa, yana kashe su, gudawar ta ƙaru. 'Yan kaɗan da suka tsira su ne masu taurin kai, su za su hayayyafa su cike gurbin. Ranar da ta kamu da ciwon da ke buƙatar maganin da gaske, sai a tarar ya daina ji. Muna ganin wannan a sakamakon gwajin fitsari da na jini, inda takarda za ta dawo da jerin magunguna masu araha duk ba sa kama ƙwayar, sai allura mai tsada.

Abin da ke kashe yaro a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ki sayi garin gishiri da sukari na ORS, ki duba jikin ƙunshin ki ga yawan ruwan da aka rubuta, yawanci lita ɗaya, ki haɗa da tafasasshen ruwa da ya huce. Bayan kowace gudawa ki ba ta kamar rubu'i zuwa rabin kofi, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ta yi amai ki jira minti 10 ki ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ɗaya a zubar, a haɗa sabo. Ki haɗa da zinki miligiram 20 sau ɗaya a rana har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya, kuma kada ki janye mata nono.

Idan kin ga jini a kashin, wannan atuni ne, yawanci bakteriya ce, yana buƙatar antibayotik wanda likita zai zaɓa. Haka nan in idanunta sun faɗa, ko maɗigarta ta lotsa, ko ta yini ba fitsari, ko tana amayar da duk abin da aka ba ta, ki goya ta zuwa asibiti mafi kusa, kina ba ta ruwan da cokali a hanya.