Na goge `pg_wal` daren ƙaddamarwa, rumbun ya tashi amma lissafi ya ƙi daidaita

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni sabon hannu ne a rubuta manhaja, watana 7 a wani ƙaramin kamfani a nan Garwa. Mun yi wa wata ƙungiyar 'yan adashi manhajar zubi da ɗiba, rumbun bayanan PostgreSQL ne a kan diski mai giga 40. Daren Lahadi, ana gobe ƙaddamarwa, ina cikin loda tsofaffin bayanan mambobi sai rumbun ya faɗi da `No space left on device`. Babban namu ya tafi Marwa biki, wayarsa ba ta shiga. A watan jiya ya gwada haɗa sabar ta biyu ya bari, ban san ko da alaƙa ba. Na ga `pg_wal` ta cinye giga 24, na goge abin da ke ciki. Ya ƙi tashi. Wajen ƙarfe 3 na dare na bi wani bidiyo na buga `pg_resetwal -f`, ya tashi, da safe aka ƙaddamar. Yau Laraba wata mata ta zo da rasit, zubinta ba ya ciki, kuma na ga mutum biyu da lambar mamba ɗaya. Ban gaya wa kowa ba. Ba na iya barci. Yaya zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanena. Abu na farko, tun kafin ka gama karanta wannan amsa, ka dakatar da manhajar, kada a sake shigar da ko sefa ɗaya. Duk zubin da ya shiga daga yanzu ɗori ne a kan katangar da ta riga ta tsage, kuma yana ƙara wahalar da za ka sha wajen rarrabe mai kyau da ruɓaɓɓe. In ka kashe PostgreSQL, ka kwafe foldar bayanan gaba ɗayanta zuwa wani diski dabam, yadda take, ba tare da ka gyara komai ba. Wannan kwafin shi ne madafarka idan wani mataki na gaba ya ƙara ɓata lamari.

Yanzu bari in tsaya a kan abin da ya kai ka nan, don kusan kowane wata sai an kawo mini irinsa, kuma abin yana ƙona mini rai. Mutane sun ɗauka duk abin da aka kira `log` shara ce, tarihin abin da ya riga ya wuce, wanda za a iya sharewa a sami wuri. Fayilolin `pg_wal` ba haka suke ba. Ka san yadda mai karɓar adashi ke zaga kasuwa da ƙaramin littafi a aljihu, duk wanda ya zuba ya rubuta nan take, sai ya zauna sannan ya kwafe zuwa babban kundi? To `pg_wal` shi ne littafin aljihun. Idan PostgreSQL ya ce maka `COMMIT` ya wuce, alkawarin da ya ɗauka shi ne ya rubuta a littafin aljihu. Shafukan teburin kansu suna iya zama a ƙwaƙwalwar na'ura, sai an kai zangon da ake kira `checkpoint` ake tabbatar da duk sun sauka kan diski, kuma a saitin asali ana yin hakan duk bayan minti 5, ko kafin haka in rubutu ya yi yawa. Lokacin da rumbunka ya faɗi, abin da ke ƙwaƙwalwa ya tafi, amma babu abin da ya ɓace tukuna. Da ka samar masa wuri ka tashe shi, da kansa zai koma zango na ƙarshe ya karanto littafin aljihun ya cike kundi. Ranar da aka fi bukatar littafin ke nan, kuma ranar aka yaga shi.

Ba kai ka fara ba. A da sunan foldar `pg_xlog`, mutane suka yi ta gogewa saboda ganin `log` a jiki, har masu PostgreSQL suka sauya mata suna zuwa `pg_wal` a siga ta 10 da ta fito a 2017, suka mai da `pg_clog` ta koma `pg_xact` saboda dalili ɗaya. Shekaru sun wuce, amma har yau masu neman 'yan kallo suna ɗora bidiyon minti uku suna cewa ka goge, ka buga umarni ɗaya, an gama. Wanda ya yi bidiyon ya gwada ne a kwamfutarsa da teburi mai layi goma na wasa. Bai taɓa tsayawa gaban matar da ta tara kuɗin tuyar ƙosai wata shida tana miƙo masa rasit ba. Irin waɗannan ba su da bambanci da mai tallar magani a tasha wanda kwalba ɗaya ke warkar da shawara da basir da ciwon baya. Kuma abin da ya fi ba ni haushi, maganin nasu yana nuna kamar ya yi aiki, tunda rumbun yana tashi, manhaja tana buɗewa, kowa ya tafa.

`pg_resetwal` ba ya gyara komai. Abin da yake yi shi ne ya ba rumbun sabon littafin aljihu fanko, ya sa shi ya ɗauka babu wani aiki da ya rage. Littafin jagorar PostgreSQL kansa ya ajiye shi a matsayin mafita ta ƙarshe, kuma ya ce da zarar rumbun ya tashi a fitar da bayanan nan take, a gina sabo, a loda, kada a yi wani rubutu kafin nan. Wannan rabin maganar ce masu bidiyo ba sa kaiwa gare ta.

Alamomi biyun da ka gani sun dace da wannan ciwo sarai. A mintunan ƙarshe kafin faɗuwar, wasu shafuka sun riga sun sauka kan diski, wasu ba su sauka ba, kuma ba a jere suke sauka ba. Don haka zubin matar nan ko dai shafinsa bai sauka ba ya ɓace, ko kuma yana nan zaune a teburi amma fihirisar da ake nemansa da ita ba ta san da shi ba. Lambar mamba kuwa, ma'aunin da ke ba da lambobi bi da bi shi ma shafi ne kamar sauran. Idan ya koma baya, zai sake ba da lambar da ya riga ya bayar, kuma fihirisar da ya kamata ta hana maimaici ba za ta hana ba in ita ma ta manta da mai lambar na farko. Kana iya gane wanne ne ya sami matar. A kan kwafi, ba a kan na ainihi ba, ka tilasta masa ya karanta teburin kai tsaye:

```sql
SET enable_indexscan = off;
SET enable_indexonlyscan = off;
SET enable_bitmapscan = off;
SELECT * FROM zubi WHERE lambar_mamba = 412;
```

Ka sa sunan teburinka da lambarta. In zubin ya bayyana a haka, to fihirisa ce ta lalace, kuɗinta na nan.

Gyaran kansa ba a cikin wannan rumbun za a yi shi ba. Ka yi `pg_dump`, ka kafa sabo fil da `initdb`, ka loda a ciki. Kada ka tsorata in lodin ya yi ta kuka da `duplicate key` ko ya ce wani layi yana nuni ga mamban da babu shi. Ka adana kowane saƙo, don su ne za su nuna maka inda ɓarnar take. Sa'arka ɗaya, abin da kake lodawa a daren tsofaffin bayanai ne, ke nan asalinsu na hannun ƙungiyar, a fayil ko a kundi. Ka kwatanta yawan layuka da jimillar zubin kowane mamba da na asalin, ka cike giɓi. Wahalar tana cikin kwana ukun da aka yi ana aiki, musamman masu lamba ɗaya, don zubin wannan yana iya hawa kan asusun wancan. Wannan sai da rasit da mai karɓar kuɗin a zaune kusa da kai. Kafin a buɗe, ka tura ma'aunin lambobi gaba da lamba mafi girma da `setval`.

Sai abin da ya cika diskin tun farko. Kowane fayil a `pg_wal` mega 16 ne, ke nan giga 24 ya haura fayil 1,500, alhali saitin asali na `max_wal_size`, wato girman da ake so foldar ta tsaya a kai, giga 1 ne. Lodi mai nauyi yana iya sa a ɗan haura, amma ba ninki ashirin ba. Wani abu ne ya hana shi zubar da tsofaffi, kuma zargina yana kan sabar ta biyun da aka gwada aka bari. In an buɗa mata gurbin kwafi sannan aka kashe ta ba a rufe gurbin ba, PostgreSQL zai yi ta ajiye mata kasonta yana jiran ta dawo, ko da shekara za a yi. Duba:

```sql
SELECT slot_name, active, restart_lsn FROM pg_replication_slots;
SELECT failed_count, last_failed_time FROM pg_stat_archiver;
```

In ka ga gurbi mai `active` a `f`, wato babu mai amfani da shi, shi ne, kuma har yanzu yana tara maka wasu. In kuma `failed_count` ne ke hawa, to `archive_command`, umarnin da ke kwafe fayilolin zuwa ma'ajiya kafin a zubar da su, shi ke faɗuwa. A sabon rumbun, in sigarku 13 ce ko sama, ka sa wa `max_slot_wal_keep_size` iyaka, misali giga 5, don a saitin asali ba shi da iyaka sam.

Abin da ya kamata a yi a daren bai fi na minti goma ba. Giga ɗaya ko biyu kawai yake bukata ya numfasa. `journalctl --vacuum-size=200M` da `apt clean` da kwashe tsofaffin fayilolin lodi sukan isa. Ya tashi, ya cike kundinsa, ka cire mataccen gurbin da `pg_drop_replication_slot`, ka buga `CHECKPOINT`, ka ga wuri ya dawo da kansa. Ni duk sabar da na kafa nakan ajiye fayil na banza mai giga 2 da `fallocate -l 2G banza`, tun wata shekara da diski ya cike mini tsakar dare a Ngaundere, na yi ta lalube babu abin da zan iya gogewa da kwanciyar rai. Ranar tsiya shi nake gogewa.

Ka lura ban ce ka dawo da kwafin ajiya ba, don ba ka ambaci akwai shi ba, kuma wannan ba laifinka ba ne kai kaɗai. Barin yaro mai wata 7 shi kaɗai da sabar kuɗin mutane a daren ƙaddamarwa, ba kwafi, ba ƙararrawar cikar diski, ba lambar wanda zai kira, sakaci ne na manya. Amma ɓoyewar kwana ukun nan taka ce, ƙanena, kuma kuɗin amana ne. Ka kira babban naku yau, in wayarsa ba ta shiga ka je wurin maigida da ƙafarka. Ka faɗa musu umarni biyun da ka buga da lokacin da ka buga su, don wanda zai taya ka gyara yana bukatar sanin ainihin mintin da rumbun ya faɗi. Sannan a sanar da shugabar ƙungiyar cewa an tsayar da manhajar na kwana biyu, a koma karɓa da littafi, kuma duk wanda ya zuba daga Litinin zuwa yau ya riƙe rasit ɗinsa ya zo da shi.