Idan sunan mutum ya kuɓuce maka wajen gaisuwa

“Jiya a wajen ɗaurin aure a Zariya wani dattijo ya gaishe ni da sunana, ni kuwa na manta nasa, ban ma tuna ko Alhaji ne ko mai sarauta ba. Yaya ake fita wannan kunya?”

Kada ka yi canke. Ka rusuna ka ce “ranka ya daɗe” ko “Baba”, domin waɗannan sun dace da kowane babba, sannan ka tsawaita gaisuwar, ka tambayi gida da iyali da gajiya, sau da yawa amsarsa za ta tuna maka inda kuka san juna. Idan ba ta tuna maka ba, bayan kun rabu ka tambayi na kusa da kai a asirce, ka koma ka yi masa sallama da sunansa.

Sharaɗin shi ne ka lura da shekaru. Sa'anka kana iya ce masa, “Ka gafarce ni, fuska na gane, suna ne ya kuɓuce mini,” amma dattijo ba a tambayarsa. Na taɓa kiran wani mai sarauta da sarautar waninsa a gaban jama'arsa, kuma shirun da ya biyo baya ya fi mantuwar ciwo nesa ba kusa ba.