Hayar wata-wata ko ta shekara?

"Ina hayar wata-wata, abokina kuma ta shekara. Wa'adin tashinmu ɗaya ne?"

A'a, Malam. Abokinka ranar fitarsa tana cikin takardar yarjejeniya. A ƙa'ida ba ya buƙatar sanarwa, sai in takardar ko dokar wurin ta ce a bayar. In ya tashi kafin lokaci, ana iya binsa kuɗin sauran watanni.

Taka kuwa sabunta kanta take yi duk wata, har sai ɗayanku, kai ko mai gida, ya ba da sanarwa, galibi a rubuce. Ga inda ake tuntuɓe: a wurare da yawa dole wa'adin sanarwar ya cika watan haya guda. In watanka yana farawa ranar 1, ka ba da sanarwa ranar 10 ga Maris, to hayar Afrilu ma tana wuyanka. Mai gida kuma sau da yawa doka tana ɗora masa wa'adin da ya fi naka tsawo.