Rubu'in kwanan da ke saura a ƙarshen kowace shekara

Tambaya: Malam, me ya sa ake cewa shekara kwana 365 ce da rubu'i? Kuma na ji an ce Fabrairun 2100 ba za ta yi kwana 29 ba, alhali huɗu na raba 2100 daidai. Yaya abin yake?

Amsa: Tushen maganar shi ne, kwana da shekara motsi biyu ne daban, kuma babu wanda aka auna da ɗan'uwansa. Kwana yana fitowa daga juyin da duniya ke yi a kan kanta, shekara kuwa daga zagayen da take yi wa rana. Tsakaninmu da rana kimanin kilomita miliyan 150 ne, hanyar zagayen ta kai kilomita miliyan 940, duniya kuma tana gudu a kanta kusan kilomita 30 a daƙiƙa ɗaya. Tafiyar takan ci daƙiƙa wajen miliyan 31 da rabi. Raba wannan da 86,400, wato daƙiƙun kwana guda, za ka samu 365 da 'yan kai.

Shekarar da kalanda ke bi ita ce ta yanayi, wadda ake aunawa daga daidaituwar dare da rana ta watan Maris zuwa ta Maris mai zuwa. Tsawonta kwana 365 ne da awa 5 da minti 48 da daƙiƙa kamar 45. Ka lura, bai cika awa 6 ba. Rubu'in da ake faɗa ƙiyasi ne, kuma duk ƙa'idojin daga wannan ɗan giɓin suka taso.

Da za a yi watsi da rarar, a shekara ɗari kalanda za ta zame wa yanayi da kwana 24, a hankali watan da aka sani da marka ya faɗo cikin hunturu. Kalandar Hijira, da yake wata take bi, ba ta ɗaure da yanayi ba, shi ya sa azumi ke matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara.

Yanzu bi lissafin da alƙalami. Rarar shekara huɗu ta taru ta zama awa 23 da minti 15. Sai mu ƙara 29 ga Fabrairu, awa 24 cur, mun zarce ke nan da minti 45. A nan kalandar Julius Caesar ta tsaya, wadda aka fara aiki da ita a Rum shekara 45 kafin haihuwar Annabi Isa. Minti 45 a shekara huɗu kamar ba komai ba ne, amma duk shekara 128 yakan zama kwana guda. Daidaituwar dare da rana da aka ɗora a 21 ga Maris a zamanin taron shugabannin coci na Nicaea na shekarar 325, zuwa ƙarni na 16 ta koma wajen 11 ga Maris, lissafin ranar bikin Ista na Kiristoci ya karkace. Paparoma Gregory na 13 ya yanke kwana goma a 1582: mutane sun kwanta Alhamis 4 ga Oktoba, suka wayi gari Juma'a 15 ga Oktoba. Birtaniya ta yi jinkiri har 1752, sai da ta zubar da kwana 11.

Gyaran da ya hana abin maimaituwa shi ne ya shafi 2100. A shekara ɗari ana ƙara kwana sau 25, minti 45 sau 25 kuwa awa 18 ne da minti 45, ya doshi kwana. Don haka shekarar da ta cike ƙarni ba a yi mata ƙari. To amma cire awa 24 ya ɗara abin da aka zarce, an bar giɓin awa 5 da minti 15. Ƙarni huɗu suka mai da shi awa 21, sai a dawo da kwanan sau ɗaya a shekara 400. Saboda haka 1700 da 1800 da 1900 ba su samu ba, 2000 ta samu domin 400 na raba ta, 2100 kuwa in ka raba ta da 400 saura 100, Fabrairunta 28 za ta tsaya. Bayan 2096 sai an jira 2104.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne riƙe ƙa'idar huɗu kaɗai. Duk wanda ke raye yau, tun da ya yi wayo bai ga ta saɓa ba, tunda 2000 ta zo da ƙarinta. Har manhajar Excel tana karɓar 29 ga Fabrairun 1900, ranar da ba a taɓa yi ba a wannan kalanda.

A dunƙule shekara 400 na da ƙari 97, kwana 146,097, matsakaicin shekara 365.2425. Abin da ya rage awa 3 ne a shekara 400, daƙiƙa 27 a shekara, kuma sai an haura shekara 3,000 kafin ya cika kwana ɗaya.