An Ce Bonas Fam 3,000, Na Ga 1,907

"Malam, ina aikin sito a Birmingham, albashina fam 3,000 a wata kafin haraji. A Disamba aka ba ni bonas fam 3,000, amma 1,907 kawai suka ƙaru a asusuna. Na canza aiki a Agusta, ban kai P45 ba, takardar harajin da tsohon kamfani ke ba wanda ya bar aiki. Na riga na faɗa wa Yaya 3,000 ne, har ya kira magini a rufa gidan Hajiya. Wani ejan ya ce zai karɓo min duka in ba shi kaso. Cuta ta aka yi?"

Ɗan'uwa, babu wanda ya cuce ka, amma akwai kuɗinka fam 362 da ke hannun hukumar haraji, HMRC. Sauran kuwa an cire su bisa ƙa'ida, ba za su dawo ba.

A Ingila, a shekarar haraji ta 2025/26, fam 12,570 na farko ba a taɓa su, daga nan zuwa 50,270 ana cire kashi 20 cikin ɗari, abin da ya haura kuma kashi 40. Albashinka na shekara 36,000 ne, da bonas ya zama 39,000, ka ga ko kusa da layin kashi 40 ba ka je ba. Harajin bonas ɗinka na gaskiya fam 600 ne.

Ɗauko takardar albashinka ta Disamba ka duba lambar haraji. Na tabbata za ka ga 1257L M1, ko X a ƙarshenta. Lambar wucin gadi ce da ake ɗora wa wanda ya shiga sabon aiki ba P45. Da lambar ta zauna daidai, da an haɗa abin da ka samu tun 6 ga Afrilu, farkon shekarar haraji, an auna. Ita kuwa M1 watan kaɗai take kallo, kamar kowane wata 6,000 kake ɗauka. Layin kashi 40 a wata fam 4,189 ne. Albashinka ya cinye 3,000, saura 1,189 daga bonas aka cire musu kashi 20, wato 238. Ragowar 1,811 suka faɗa kashi 40, wato 724. Jimla 962 a maimakon 600.

Sai kuɗin inshorar ƙasa, wanda takardar ke rubutawa NI. Shi dama wata-wata ake lissafa shi: kashi 8 a kan 1,189 ɗin nan, kashi 2 a kan 1,811, ya tashi fam 131. Wannan daidai yake, kada ka sa rai da shi. Cire 962 da 131 daga 3,000, ga 1,907 ɗinka nan cif. Hakan ya nuna min fanshon kamfaninku bai taɓa bonas ba. Wasu kamfanonin suna cirewa har a nan. Abin da ya kamata ya shigo hannunka fam 2,269 ne.

Gyaran ba ya buƙatar kowa. Shiga manhajar HMRC ko ka buga musu waya, ka tabbatar sun san ka bar tsohon aikin da abin da ka samu a can. Za su aika wa kamfaninku lambar da ba M1, rarar kuma ta biyo albashi na gaba. In ka yi sakaci har 5 ga Afrilu ta wuce, sai ka jira P800, wasiƙar HMRC ta lissafin harajin shekara, wadda kan ɗauki watanni.

Ejan ɗin nan kuwa, ka rabu da shi tun da wuri. Duk wanda ya ce zai karɓo maka harajin gaba ɗaya, ƙarya zai rubuta da sunanka: kuɗin man mota da ba ka saya ba, kayan aiki da ba ka taɓa gani ba. Na ga wata 'yar'uwa mai aikin kula da tsofaffi da ta ba irinsu lambobin sirrin asusunta na haraji. Kuɗi suka fito, ya zare kasonsa, daga baya HMRC ta ce ta maido duka har da kuɗin ruwa, shi kuma wayarsa ta daina shiga. A wurin hukuma mai suna shi ke da laifi, kuma irin wannan tabo yana iya tasowa ranar neman takardar zaman dindindin.

Batun gida, kai ka fara ɓaro ta, da ka ambaci adadin da ke wasiƙar kamfani. Mutanen gida da sun ji 3,000 sun buga ta da farashin canji na ranar, sun gama rabo. Amma Yaya ma bai kyauta ba. Ba a kiran magini a kan kuɗin da ba su iso ba, balle kuɗin gumin ƙani. Ba bashi yake bin ka ba. Kada kunya ta sa ka ci bashin katin banki don cike fam dubu da ɗoriya da ba ka taɓa riƙewa ba, alhali haya da kuɗin sabunta biza suna jiranka. Ka kira Hajiya da kanka, kada saƙon ya bi ta bakin Yaya. Ka faɗa mata abin da za ka iya turawa daga 1,907, a sayi kwano da katako gwargwadonsa, sauran aikin ya jira 362 su fito.