Takardar da kake son aika wa iyayen yara

"Kawu, 'yan ajina sun zube a gwajin tarihi. Ina so in rubuta wa iyayensu dalili da gyaran da zan yi, amma ana ce min a al'adarmu malami ba ya yi wa iyaye bayani, wai zubar da girma ne. Haka ne?"

Kai ɗana, ka ba ni dariya, amma kuma abin ya dame ni, wai yau an kai inda malami ke tsoron iyayen ɗalibansa.

Muna aji bakwai a firamare aka yi mana jarrabawar tarihi, kusan duk muka faɗi. Malaminmu bai rubuta komai ba, don iyayenmu ajami suke karantawa, sai ya ɗauko takardunmu ya zo zauren mai unguwa bayan la'asar, ya cire takalmi ya gaisa sosai sannan ya baje su kan tabarma. Ya ce kowa ya ci tambayar shekara, sun san 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, 1808 aka ci Alƙalawa, amma da aka ce me ya haɗa Shehu Usmanu da Yunfa Sarkin Gobir sai takarda ta zama fara fat. Ya ce yaran ba daƙiƙai ba ne, hadda suka yi babu fahimta. Bai kama sunan yaro ko ɗaya ba. Mahaifina ya ce in dai wannan ne ai labarin yana bakinsu, daga ranar duk daren Alhamis sai wani dattijo ya zaunar da mu ya ba mu labarin Degel da yaƙin Tafkin Kwatto, da safe malam ya sa mu rubuta da kalmominmu. Dama tsofaffinmu kan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To in za ka rubuta, yi da Hausa, ka fara da gaisuwa, kuma hedimasta ya gani kafin ta fita. Kafin nan ka zauna da takardun yaran tambaya bayan tambaya ka ga inda suka fi zubewa. In kusan duk aji wuri ɗaya suka faɗi, darasin ne bai shiga ba, a sake shi. In kuwa 'yan kaɗan ne suka faɗi ko'ina, duba rajista, galibi masu fashi ne ko waɗanda Turancin tambayar ya fi ƙarfinsu, iyayen waɗannan kam ƙafa za ka taka ka same su, sirri ba ya shiga takardar kowa da kowa. Ka faɗi darasin da za ka maimaita da ranar sake gwaji, ka roƙi abu ɗaya tak, su riƙa sa yaro ya ba su labarin abin da aka koya da baki.

Abin da ke ɓata min rai, yanzu sai a watsa irin wannan a guruf na waya, kowa ya yi ta mayar da magana. Ka sa ta a ambulan. Ka gaida babarka.