Sonomita ko na'urar girgiza zare: wacce malamin Fiziks zai fara saya?

Tambaya: Ina koyar da Fiziks a wata sakandare a Gusau. Kuɗin da aka ba ni ba za su sayi sonomita da na'urar girgiza zare duka ba. Wacce zan ɗauka don ɗalibai su gane darasin kaɗawar tsirkiya da hamonik?

Malam, ka fara da na'urar girgiza zare. Sonomita, wato akwatin da aka miƙe waya a kansa, kayan awo ce mai kyau, amma kaɗawar wayarta ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Abin da ɗalibi zai gani kawai shi ne 'yar takardar da aka ɗora a tsakiyar waya ta yi tsalle ta faɗi, kuma kusan kullum hamonik na farko ake nema da ita. A kan zare kuwa, na bayan aji ma zai hango cikuna uku ko huɗu sun kumburo, da gaɓoɓin da ba sa motsi a tsakaninsu. Gwajin tsoho ne, Franz Melde ya yi shi a Marburg ta ƙasar Jamus wajen shekarar 1860, kuma har yau ban ga wanda ya fi shi shigar da darasin nan kan yaro ba.

Ga abin da nake so ɗalibanka su gani da idonsu. Kaɗawar da ta taso daga na'urar tana bin zaren har ƙarshe, ta ci karo da wurin da aka ɗaure, ta juyo a kife, ta haɗu da wadda ke tahowa a bayanta. Tunda bakunan zaren biyu a riƙe suke, dole kowannensu ya zama gaɓa. Daga gaɓa zuwa gaɓa ta gaba rabin zango ne. Saboda haka zaren ba ya karɓar kowane tsawon zango, sai wanda rabinsa zai shiga tsawon zaren sau ɗaya, ko biyu, ko uku cif, babu ragowa:

```
λ = 2L / n      (n = 1, 2, 3, ...)
v = fλ = √(T/μ)
```

A nan λ tsawon zango ne, n yawan cikuna, v gudun kaɗawar, f yawan kaɗawa a daƙiƙa, L tsawon zare, T ƙarfin jan da aka yi masa, μ kuma nauyin kowace mita ɗaya ta zaren.

Mu buga lissafi da zare mai tsawon mita 1.2, wanda kowace mitarsa ke da giram 0.5, a kan na'urar da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa kamar wutar lantarkinmu. Zangon da zaren zai karɓa su ne mita 2.4, da 1.2, da 0.8, da 0.6, haka har ƙasa. Zango mai mita 1 ba shi da gurbi a nan, domin ba zai bar gaɓa a bakunan biyu ba. In kana son ciki uku, zangon mita 0.8 ne, gudun kaɗawar ya zama mita 40 a daƙiƙa, jan da ake bukata kuma μ a kilogiram sau v², 0.0005 sau 1600, wato 0.8 N. Nauyin giram 82 ke nan za ka rataya a bakin zaren. Ciki biyu na son wajen giram 184, ciki huɗu giram 46, ciki ɗaya tak kuwa sai ka kai kusan giram 735. Ka sa ɗalibi ya riƙa ƙara nauyi kaɗan-kaɗan daga 46 zuwa 82. A tsakani zaren zai yi ta 'yar rawa marar fasali, yana kaiwa daidai sai cikunan su buɗe lokaci guda.

Wannan lissafin shi zai gaya maka abin da za ka haɗa da na'urar. Ka nemi ƙananan nauyaye na giram 5 da 10 da 20, domin masu rabin kilo da ake amfani da su a sonomita za su tsallake maka duk wuraren da kake nema. Ka duba 'yar tayar da zaren zai bi ta kanta, ka murza ta da yatsa: in tana cijewa, jan da ke kan zaren zai saɓa da nauyin da ka rataya. Zaren kuma kada ya zama mai talewa kamar roba, domin yana miƙewa μ ya canja. Ka yanki mita 10 ka ɗora a sikeli, ka raba da 10; gajeren guntu ba ya aunuwa da kyau.

Ka tambayi mai shago sau nawa na'urar ke kaɗawa. Wasu masu maganaɗisun lantarki suna jan ƙarfen sau biyu a kowane zagayen wuta, sai su ba da 100 maimakon 50. Za ka gane nan take: da giram 82 ɗin nan ciki shida za ka gani maimakon uku. In kuma da janareta za ku yi aiki, kada ka ɗauka 50 ɗin cif ne, domin yana hawa da sauka gwargwadon lodin da ke kansa. Idan ɗakin gwajinku na da tika-taima, wato na'urar da ke buga ɗigo a kan takarda don auna lokaci, ka ɗaura zare a harshenta ka gwada kafin ka kashe ko kwabo, sau da yawa tana yin aikin.

Wurin awo, bakin da ke jikin na'urar ba cikakkiyar gaɓa ba ce tunda yana ɗan motsi, don haka a auna tsakanin gaɓoɓin ciki. A haɗa da nauyin maratayin cikin lissafi. Ka kuma sa ido a kan kuskuren da ya fi yawa, wato ɗaukar ciki ɗaya a matsayin zango guda. Ciki biyu ne zango, kuma duk wanda gudun da ya samu ya fito rabin na sauran, nan ya zame.

Tambaya: Ina kaɗa gita a Jos. Tsirkiyata ta A daidai take in na kaɗa ta a sake, amma in na danne a gaɓa ta 12 sai sautin ya kauce. In sayi sabuwar gita ne?

A'a, ɗan'uwa, ka fara da sabbin tsirkiyu. Tsirkiyar A a sake tana kaɗawa sau 110 a daƙiƙa. Ɗora yatsa a hankali a kanta daidai saman ƙarfen gaɓa ta 12 ba tare da ka danne ba, ka kaɗa, ka ɗage. Ka tilasta wa tsakiyarta tsayawa, sai hamonik na biyu ya fito, 220. Yanzu ka danne a wurin ka kwatanta, ya kamata su zo ɗaya. Tsohuwar tsirkiya da tsatsa da dauɗar hannu suka kama ba ta da nauyi ɗaya daga baki zuwa baki, shi ya sa rabinta ba ya ba da ninkin sautin. In ka canja amma na dannewa ya ci gaba da fin hamonik tsini, to rabin da ke tsakanin gaɓa ta 12 da gadar gitar ya yi gajarta, sai a ja mazaunin tsirkiyar baya kaɗan. In ƙasa yake yi, a matso da shi gaba. A gitar lantarki sukurori ne za ka murɗa da kanka, a ta katako kuwa ka kai wa mai gyara.